Akuya mai kumburin haɓa da busasshen gashi: abin da hoton ya nuna kafin a kai ga likita

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Dan Allah ga hoton akuyata nan na turo ka duba min. Wata ɗaya da rabi ke nan da ta haifi tagwaye, yanzu kwana huɗu ta rage ci, gashinta ya bushe kuma jiya da yamma na ga ƙasan haɓarta ya kumbura amma da safe ya ɗan saɓe. Ba ta zawo. Me ka gani, kuma wane magani zan saya in ba ta?"

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba ta lafiya. Na buɗe hoton na ƙara girmansa na duba daga kai har kofato, kuma zan faɗa miki abin da idona ya gani ɗaya bayan ɗaya, amma tun yanzu ki sani sunan maganin da za ki saya ba zai fito daga bakina ba, in kin karanta har ƙasa za ki ga dalili, ba rowa ba ce.

Yadda ta tsaya

Ni dai in aka nuna min dabba, tsayuwarta nake fara kallo kafin komai, don ita ce ba ta cika yaudara ba ko da kamarar wayar ba ta da kyau. Akuyarki a hoton nan ta ɗan gantsaro bayanta sama ta yi doro, kai ya yi ƙasa da kafaɗa, kunnuwa sun saki, sannan ƙafafun baya sun shigo ƙarƙashin ciki maimakon su tsaya daidai ƙarƙashin ƙugu. Bindin ma a kwance yake. Lafiyayyar akuya yawanci bindinta a ɗage yake, kuma da wuya ki matso da waya kusa da ita ba ta ɗago kai ta leƙo ta ga me ke hannunki ba, har ta nemi ta ciji igiyar jakarki. Wannan kuwa ko kallon ki ba ta yi ba. A can bayanta ina hango wasu awaki biyu sun sa kai a abin ci, ita tana gefe ita kaɗai, to wannan warewar ma abin lura ce babba, akuya ba ta barin abinci ga 'yan uwanta haka kawai.

Sai dai doro shi kaɗai ba ya nuna cuta guda. Akuyar da cikinta ke ciwo tana yin sa, wadda sanyi ya kama ko zazzaɓi tana yin sa, wadda kofatonta ya ruɓe tana yin sa don ta rage nauyi a ƙafa, haka wadda ƙarfinta ne kawai ya ƙare. Abin da yake cewa shi ne dabbar nan ba ta jin daɗi, kuma ba yau abin ya fara ba. Abubuwan da ban gani ba su ma suna da amfani: ba ta miƙe wuya tana haki da baki a buɗe ba, ba ta karkata kai gefe ɗaya ba, ba ta ɗaga kai tana kallon sama ba, ba ta kuma dafa goshi a bango ba. Da ɗaya daga cikin waɗannan na gani da ba zan tsaya dogon bayani ba, cewa zan yi ki ajiye wayar ki nemo likita yanzu.

Kin ɗauke ta ta ɓangaren hagu, wanda ya taimaka, don nan tumbi yake. Kwiɓinta ya faɗa ciki sosai, akwai rami mai kusurwa uku tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, ma'ana tumbin ba shi da abinci da yawa. Wannan ya yi daidai da maganarki cewa ta rage ci, kuma ya kawar min da tunanin kumburin ciki, wanda shi a nan ɗin ne zai taso ya yi tauri har ya fi ƙashin baya tudu.

Gashi da jiki

Gashin kam ya bushe, babu sheƙi, ya mimmiƙe musamman a kan gadon baya da cinya. Ban ga inda ya zube fata ta fito ba, ban ga ɓawo a kunne ko kewayen ido da baki ba, don haka ƙirci bai zo min a gaba ba. Amma kwarkwata ba ta fitowa a hoto, sai kin sa yatsu kin buɗa gashin a wuya da kafaɗa da gindin bindi a cikin rana kin duba kusa da fata, za ki ga 'yan ƙanana suna motsi ko ƙwayayensu farare manne a gashi. Ki duba, don akwai irin kwarkwatar da jini take sha, kuma in ta yi yawa tana ƙara wa dabbar da ta riga ta yi rauni nauyi. Kaska kuma ki leƙa cikin kunne, hammata, tsakanin kofato da ƙarƙashin bindi.

Wani abu game da gashi da mutane ba su cika lura ba, shi labarin makonni yake bayarwa. Gashi ba ya bushewa haka a kwana huɗu. Zazzaɓi ko sanyi na iya sa ya miƙe yau, amma rashin sheƙin nan yana nufin jiki ya jima yana asarar wani abu ko bai samun isasshe. To kwana huɗun da kika ƙirga lokacin da abin ya fito fili ne, ni a ganina tun wajen haihuwa ta fara zamewa.

Maganar rama kuma, ina iya ƙirga haƙarƙarinta a hoton kuma ƙashin ƙugu ya fito. Amma nan hoto yana ruɗi ta hanya biyu, akuya mai shayarwa dama takan yi kama da ramammiya, mai yawan gashi kuma takan ɓoye ramarta. Hannu ne ke faɗin gaskiya. Ki ɗora tafinki a bayanta, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙugu, ki shafa. In ƙashin bayan yana sukar hannunki kuma yatsunki na iya shiga ƙarƙashin ƙasusuwan gefe ba tare da kin danna ba, to naman wurin ya tafi. Mu a aiki muna ba da maki daga 1 zuwa 5, 1 ƙashi da fata, 5 ƙiba ta wuce kima, kuma ana son akuya ta kasance wajen 2.5 zuwa 3. Taki daga abin da na gani ba ta wuce 2 ba.

Kumburin haɓa

Nan ne na fi daɗewa ina kallo. Kumburin yana tsakiya ne, tsakanin ƙasusuwan muƙamuƙi biyu, ya sauko ƙasa, ba shi da iyaka a fili kuma bai karkata gefe ɗaya ba. Haɗe da abin da kika ce, yana tasowa da yamma ya saɓe da safe, to wannan ruwa ne ya taru a ƙarƙashin fata, ba ƙurji ba. In kika taɓa za ki ji shi da laushi da sanyi kamar an ɗura ruwa a leda, ba zai yi mata zafi ba, in kika danna da yatsa na ɗan lokaci za ki ga gurbin yatsan ya zauna kafin ya ciko.

Dalilin da ya sa ruwan ke taruwa shi ne, a cikin jini akwai furotin da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyi. In dabba ta jima tana asarar jini, furotin ɗin nan yana raguwa, sai ruwa ya riƙa tsatsowa daga jijiya yana gangarawa inda ya fi ƙasa a jiki. Akuyar da ta wuni kanta a ƙasa tana kiwo, haɓarta ce wuri mafi ƙasa, shi ya sa da yamma yake cika, in ta kwana kai a ɗage sai ya koma. Don haka saɓewar da kika gani da safe ba sauƙi ba ne, kada ta kwantar miki da hankali.

Akwai wasu kumburin da ake rikita su da wannan. Ƙurjin kaluluwa yana zama dunƙule mai tauri, zagayayye, a gefe ɗaya, galibi ƙasan kunne ko kusurwar muƙamuƙi, kuma ba ya raguwa da safe. Maƙoƙo yana can ƙasa a maƙogwaro. Wani lokacin ma tuƙa ce ke maƙalewa a kunci in haƙori ya lalace. Taki ba ta yi kama da ko ɗaya ba. Kuma dan Allah kada wani ya ce a tsaga ko a huda ko a ɗora wuta a kai, babu mugunya a ciki, ciwo kawai za a ƙara mata a jikin da ba shi da ƙarfin warkewa.

Ido, da abin da hoton bai nuna ba

Idon da ke fuskantar kamara a buɗe yake amma ya yi laushi, fatar sama ta ɗan sauko. Ban ga kwantsa ba, ban ga hawaye ya jiƙa kunci ba, ƙwayar ba ta yi fari ko hazo ba, hanci a bushe babu majina, leɓɓa babu ƙuraje. Wannan ya ɗan sanyaya min rai, don cutar da na fi tsoro in aka ce akuya ta daina ci ita ce PPR, annobar nan ta awaki da tumaki da aka fara bayyanawa a Kwaddebuwa a 1942, wadda hukumomin duniya suka sa 2030 a matsayin shekarar da suke son kawar da ita. Ita takan zo da zazzaɓi mai zafi, kwantsa da majina har su toshe ido da hanci, gyambo a baki, sai zawo da tari, kuma ba ta tsayawa kan dabba ɗaya. Hoton nan bai nuna haka ba. Idon ya ɗan faɗa ciki kaɗan, wanda ƙarancin ruwa a jiki ke kawowa, amma rama ma tana kawo shi tunda kitsen bayan ido yana narkewa, to ki ja fatar wuyanta ki saki, in ta koma nan take lafiya, in ta tsaya a tattare fiye da daƙiƙa 2 akwai ƙarancin ruwa.

Amma abin da na fi buƙatar gani a idon ba ya cikin hoton, wato launin cikin fatar ido ta ƙasa. Nan ne wurin da ake ganin jinin akuya da ido ba tare da an ɗebe shi ba. A Afirka ta Kudu ne aka ƙirƙiro wani kati a shekarun 1990 mai suna FAMACHA, yana da launi biyar, 1 ja sosai, 2 ja mai sauƙi, 3 ruwan hoda, 4 ruwan hoda da ya koɗe sosai, 5 fari. Ko ba ki da katin za ki iya bambance ja da fari, ga yadda ake yi.

Ki fito da ita fili inda hasken rana yake, ba cikin ɗaki ba kuma ba da fitilar waya ba. Wani ya riƙe miki ita a hankali. Da babban yatsa ɗaya ki sauko da fatar ido ta sama ta rufe idon, ki ɗan danna ƙwayar idon ciki kaɗan ta kan fatar, da ɗayan babban yatsan kuma ki ja fatar ƙasa ƙasa, za ki ga naman ciki ya bulluƙo waje. Shi za ki kalla, kuma ki yanke hukunci a daƙiƙa ɗaya ko biyu na farko, don in kika jima kina riƙe da shi ko kika yi ta maimaitawa wurin zai yi ja saboda murza, ki ɗauka jini ne. Ki duba ido biyun, in sun bambanta ki ɗauki wanda ya fi fari. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ja fatar ƙasa kawai ba a danna ba, sai a ga gefen fatar ko farar tantanin da ke kusurwar ido, a tsorata a banza. Dabara mai sauƙi, ki fara da lafiyayyar akuya a cikin waɗancan biyun, sai ki zo kan wannan, bambancin zai fito miki.

Kuma ko kin ɗauki hoton wurin kin turo, ba zan dogara da shi ba sosai. Waya tana gyara launi da kanta, wata tana ƙara ja wata tana wanke shi, filasha kuma tana mai da komai fari. Idonki a rana ya fi kamarata da taki.

Inda alamomin suka nufa

In na haɗa su, mai shayar da tagwaye, ramammiya, gashi a bushe, ruwa a haɓa, kasala, babu zawo babu majina, abin da ya fi zuwa min shi ne ƙarancin jini mai tsanani, kuma wanda na fi zargi shi ne tsutsar ciki mai shan jini da likitoci ke kira Haemonchus contortus. Siririya ce, tsawonta bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, tana zama a ciki na huɗu, wanda yake shi ne ainihin cikin da ke narka abinci kafin hanji, ta huda bango ta sha jini. Kowace ɗaya tana jawo asarar kusan mililita 0.05 a rana. Ƙaramin abu ne a ji, amma bari mu yi lissafi da akuya mai kilo 25. Jinin jikinta gaba ɗaya bai kai lita 2 ba. In tana ɗauke da tsutsa 2,000, wanda ba abin mamaki ba ne a lokacin damshi, mililita 100 ke tafiya kullum, a kwana goma lita guda ke nan, ga kuma nono da take ba 'ya'ya biyu. Jiki yana ƙoƙarin ƙera sabon jini amma ba ya cim ma wannan gudun.

Maganarki ta cewa ba ta zawo, mutane da yawa a nan suke ɓata, suna ganin in babu zawo babu tsutsa. Wannan irin ba ta cika sa zawo ba, za ki ga kashi yana fita ƙwaya-ƙwaya lafiya lau har ranar da dabbar za ta kwanta. Lokacin ma ya dace, don daga dab da haihuwa zuwa makonni bayanta garkuwar jikin uwa kan tsutsa tana sauka, tsutsotsin da suka lafe suna farfaɗowa, macensu ɗaya kuma tana iya zuba ƙwai dubbai a rana.

To ga dalilin da ya sa ban tsaya nan na ce ki sayi maganin tsutsa ba. Tsutsar hanta tana ba da wannan hoton sak, rama, farin ido, ruwa a haɓa, musamman in dabba na kiwo a wuri mai dausayi inda ƙananan dodon koɗi suke, kuma yawancin magungunan tsutsar ciki ba sa taɓa ta. Cututtukan jini da kaska ke ɗaukowa su ma suna farar da ido, sai dai sukan haɗa da zazzaɓi, wani lokacin cikin idon ya yi rawaya. Akwai kuma ciwon hanji mai daɗewa da ke ramar da babbar akuya a hankali wanda ba shi da magani, akwai kuma yunwa tsagwaronta, uwa mai tagwaye da abincinta bai kai ba. Sau da yawa ma biyu ne suke haɗuwa. Daga hoto duk kamarsu ɗaya, abin da ke raba su ma'aunin zafi ne da gwajin kashi da na jini.

Ko da tsutsar ce ma, zaɓen magani ba wasa ba ne yanzu. A ƙasashe da yawa tsutsar nan ta riga ta saba da magungunan da aka fi amfani da su. Akuya kuma jikinta yana fitar da magani da sauri fiye da tunkiya, to awon da ke jikin kwalba, wanda galibi na tumaki ne, yakan yi mata kaɗan, sai ya kashe masu rauni ya bar masu taurin kai su hayayyafa. In kuma aka ce bari a ƙara da ka, akwai irinsu lebamisol da tazarar da ke tsakanin awon magani da awon guba ba ta da yawa, akuya ta fara dalala da karkarwa. Na sha zuwa garken da mai shi zai ce min ai ya ba da magani har ya gaji, in na tambayi yadda ya auna sai ya ce da murfin kwalba, babba da ƙarama duk awo ɗaya, in muka duba kashi ƙwai na nan cunkus. Sannan tunda tana shayarwa, in kuna shan nononta akwai kwanakin da za a dakata bayan magani, kowane magani da nasa.

Yaushe za ki kai ta

Launin idon ne zai faɗa miki saurin da za ki yi. In fari ne ko ya kusa, yau za ta ga likita, ba gobe ba. A ma'aunin da ake yi na kaurin jini, lafiyayyar akuya tana tsakanin kashi 22 zuwa 38 cikin ɗari, wadda idonta ya yi fari fat kuwa tana wajen 12 ko ƙasa, kuma a wannan matakin gudu kaɗan ko kokawar kamu na iya sa ta faɗi ta mutu, wasu sai an yi musu ƙarin jini suke tashi. In ruwan hoda ne, ki kai ta cikin kwana ɗaya ko biyu, don mai shayarwa da ke da ruwa a haɓa ba a jira da ita. In kuma ja ne sosai, to zargina na farko ya yi rauni, ba jini take asara ba, furotin ne ke zuba ta wata hanya ko bai shiga, shi ma na likita ne amma bincike zai karkata wani wajen. Ko wane launi kika gani, in ta kwanta ta kasa tashi, ko kunnuwa da ƙafafu sun yi sanyi, ko tana numfashi da sauri alhali tana hutawa, babu sauran jira.

Kafin nan ga abin da za ki iya yi da hannunki. Ki sa ta a inuwa wuri busasshe, ruwa mai tsabta a gabanta, ki yanko mata ganyen da ta fi so ki rataye shi sama da ƙasa, kada ki kore ta kiwo. Kada ki cika mata hatsi wai don ta yi ƙarfi, tumbin da ya kwana huɗu ba ya aiki sosai in aka zuba masa hatsi da yawa tsami yake yi, ki samu ciwo biyu. Kada a ɗaga mata kai a ɗura mata komai da ƙarfi, dabba mai rauni tana shaƙewa abin ya tafi huhu. 'Ya'yan sun kai mako shida, sun fara cin ganye, to ki riƙa raba su da ita na wasu awanni a rana ki ba su nasu abincin, ta ɗan samu sarari. In za a tafi da ita a ɗauke ta a abin hawa, kada a ja ta da igiya a ƙasa.

In kina da ma'aunin zafi, ki shafa masa ɗan mai ki sa a duburarta kamar santimita 3 zuwa 4, ki ɗan karkata shi ya taɓa bangon duburar, ki jira. Daidai shi ne wajen 38.5 zuwa 39.7. In ya haura 40 kuma ba daga rana ta fito ba akwai zazzaɓi, wanda tsutsa ita kaɗai ba ta cika kawowa ba, in ya sauka ƙasa da 38 jikinta ya fara sanyi, wannan ya fi zazzaɓin ma tsoratar da ni. Ki ƙirga numfashi ta kallon haƙarƙari na minti ɗaya, 15 zuwa 30 ne daidai. Ki kuma dafa tafin hannu a ramin kwiɓin hagu na minti biyu, lafiyayyen tumbi yana juyawa sau ɗaya ko biyu a minti, za ki ji ya taso ya tura hannunki ya koma. Ki lura ko tana tuƙa in ta kwanta.

Ki tafi da kashinta sabo, wanda kika ga ya fito, ƙwaya goma zuwa sha biyar a leda mai tsabta, ki matse iskar ki ɗaure, kada ki bar shi a rana don ƙwan yana ƙyanƙyashewa gwajin ya ɓaci. Ki tafi da kwalbar duk wani magani da aka taɓa ba ta, ko da ta ƙare, da ranar da aka ba ta in kin tuna. Ki faɗa wa likita ranar haihuwa, inda take kiwo da ko akwai ruwa kwance a wurin, ko an shigo da sabuwar dabba kwanan nan, da ko an yi mata rigakafi. Hoton nan ma ki nuna masa, ki ƙara da wani na haɓar da yamma lokacin da ta cika, don in da safe kika je zai iya tarar da ta saɓe. Ki roƙa a auna nauyinta kafin a ba da magani, ko a sikeli ko da tef.

Bayan an yi magani kuma kada ki sa ran idon zai yi ja a kwana uku. Kumburin haɓa yakan tafi cikin 'yan kwanaki in maganin ya kama, ci ya dawo, amma jini sai ya ɗauki makonni kafin ya cika, gashi kuma shi ne na ƙarshe. Hanyar sanin ko maganin ya yi aiki ita ce a sake gwada kashi bayan kwana 10 zuwa 14, in ƙwan bai ragu sosai ba to tsutsar garkenki ta saba da wannan maganin, likita ya canza wani. Sauran awakin kuma da 'ya'yan ki duba musu ido duk sati biyu muddin akwai damshi a ƙasa, wadda ta koɗe ita za a yi wa magani, masu jan ido a ƙyale su, don ba wa garke duka magani a kai a kai shi ne ke saurin sa tsutsa ta daina jin sa.